Yadda ake karanta gwangwanin madarar jarirai cikin hoto

Nonon uwa shi kaɗai ya ishi jariri tun daga haihuwa har wata 6. Amma akwai jaririn da uwarsa ta rasu, akwai kuma wanda uwarsa ke kwance da ciwo mai tsanani. A irin wannan hali ne ma'aikacin kiwon lafiya kan rubuta madarar gwangwani. Madarar ba ta samuwa a kowane ƙauye. Sau da yawa sai an aika kuɗi ga ɗan'uwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, shi ya sayo ya ba direba. Jariri kuwa yana shan kimanin kilo 20 na garin madara a watanni shidda na farko, wato wajen gwangwani 50 masu giram 400. Saye ne da za a yi ta maimaitawa, kuma idan aka yi kuskure, gwangwanin da ya riga ya iso ƙauye da wuya ya koma kanti.

Shi ya sa yake da kyau mai sayen ya turo muku hoto ta salula tun yana cikin farmasi, kafin ya biya. Abu uku za ku nema cikin hoton: matakin madarar, lambar rukuni tare da ranar ƙarewa, da kuma halin da marfi yake ciki. Waɗannan abubuwa ba wuri ɗaya suke ba a jikin gwangwani. Mataki yana gaba, lamba tana gindi, marfi yana sama. Saboda haka hoto ɗaya ba ya wadatarwa. Ku nemi uku: na gaba, na gindi, da na sama.

Hoton gaba: madarar ta wane jariri ce?

Masu yin madara sun kasa ta bisa ga watannin yaro. Mataki na 1 na jariri ne daga haihuwa zuwa wata 6. Mataki na 2 daga wata 6 zuwa wata 12. Mataki na 3 na yaron da ya cika shekara ne, har zuwa shekara 3. Ana rubuta wannan lamba da babban baƙi a gaban gwangwani, kusa da sunan madarar.

Matsalar ita ce gwangwanayen kamfani ɗaya suna kama da juna kamar tagwaye. Suna ɗaya ne, zane ɗaya ne, girma ɗaya ne. Wani lokaci ɗan launi ne kawai ya bambanta su, launi kuwa yana sakewa cikin hoto, ya danganta ga hasken da ke cikin kanti. Kada ku ce “mai shuɗin nan ce muka saba saye”. Ku nemi lambar da idonku.

Bayan lambar, ku nemi watannin da aka rubuta kusa da ita. A gwangwani mai Faransanci za ku ga `1er âge` da `0-6 mois`, ko `dès la naissance`, ma'ana tun daga haihuwa. Na mataki na biyu yana ɗauke da `2ème âge` ko `lait de suite`, da `6-12 mois`. Na uku shi ne mai `croissance`. Madarar da ta shigo daga Najeriya da Ingilishi take: `Infant formula` ita ce ta farko, `Follow-up formula` ta biyu, kuma kalmar `months` tana nufin watanni. Ba sai kun iya waɗannan harsuna ba. Wanda ya iya lissafi ya iya karanta 0-6 da 6-12. Idan babbar lambar da watannin suka dace, kun tabbatar da mataki.

Domin mi ake tsanantawa a kan wannan? Madarar mataki na 1 an haɗa ta ne don ta zama abinci kaɗai na jariri, wanda ba ya cin komi banda ita. Ta mataki na 2 an haɗa ta ne don yaron da ya fara shan kunu da cin abinci mai laushi, ita tana cike gurbi ne kawai. Don haka ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba mataki na 2, ko da mai kanti ya ce babu bambanci, ko da ta fi araha. Amma yaron da ya wuce wata 6 yana iya ci gaba da shan mataki na 1 har ya cika shekara, tare da abincinsa. Kuskuren da ke da haɗari shi ne ba ƙaramin jariri madarar wanda ya girme shi.

Akwai wani tarko da ya kamata ku sani. Wasu gwangwanayen madarar yara suna ɗauke da `1+`. Wannan alamar ƙari da ke gefen lambar tana sake ma'ana gaba ɗaya: tana nufin daga shekara 1 zuwa sama, ba mataki na 1 ba. Cikin ƙaramin hoto alamar tana iya ɓacewa. Ku buɗe hoton da yatsu biyu ku duba sosai. Idan kun ga `an` ko `ans`, shekaru ake nufi. Idan kun ga `mois`, watanni ne. Haka kuma madarar gari ta shayi da garin kunun yara suna zuwa cikin gwangwani irin wannan, kuma a kan kanta ɗaya ake jera su. Babu ɗaya cikinsu da ke maye gurbin madarar jarirai.

Idan kuma kun ga ƙarin haruffa bayan sunan madarar, kamar `AR` ko `HA`, to madara ce ta musamman don wata larura. Ba a sayen ta sai in ita ce likita ya rubuta.

Hoton gindi: lambar rukuni da ranaku

A masana'anta ba a yin madara gwangwani ɗaya ɗaya. Ana haɗa ta da yawa a lokaci guda, kamar yadda mai ƙosai ke kwaɓa ƙullu ɗaya ta soya ƙosai masu yawa daga cikinsa. Idan gishiri ya yi yawa a ƙullun, duk ƙosan wannan kwaɓi za su yi gishiri, amma na gobe ba ruwansu. Duk gwangwanayen da suka fito daga haɗi ɗaya ana ba su lamba ɗaya. Ita ce lambar rukuni. Ana buga ta a gindin gwangwani, yawanci bayan kalmar `LOT` ko harafin `L`, kuma takan haɗa lambobi da haruffa.

Ga misalin abin da za ku iya gani. Lambobin nan na koyo ne kawai:

```
LOT 5187B42
FAB 06/07/2025
EXP 05/07/2027
```

Layi na farko shi ne lambar rukuni. Layi na biyu ranar da aka yi madarar, wani lokaci ana rubuta `PROD` ko `MFD` a maimakon `FAB`. Layi na uku ranar da amfaninta ke ƙarewa, kuma a maimakon `EXP` kuna iya ganin `DDM` ko `BB`. Idan haruffan sun rikita ku, ku riƙe wannan: in akwai ranaku biyu, wadda ta fi nisa a gaba ita ce ta ƙarewa.

Mutane da yawa suna ɗaukar lambar da ke ƙarƙashin zane-zanen nan baƙaƙe na gefen gwangwani, waɗanda ake haskawa da na'ura wajen biya, su ce ita ce lambar rukuni. Ba ita ba ce. Waccan lambar iri ɗaya ce a kan kowane gwangwani na wannan madara, na bara da na bana. Lambar rukuni kuwa tana sakewa daga haɗi zuwa haɗi, shi ya sa ba a buga ta tare da zanen jiki, sai daga baya ake buga ta da ɗige-ɗigen tawada ko a ƙona ta a kan ƙarfen.

Amfanin lambar yana fitowa ne ranar da aka gano aibi a wata madara, aka ba da sanarwar janye ta daga kasuwa. Wannan ya sha faruwa. A watan Disamba 2017 an samu ƙwayar cutar salmonela a masana'antar kamfanin Lactalis da ke garin Craon a Faransa, bayan jarirai sun kamu da zawo da zazzaɓi. Da farko wasu rukunoni kaɗan aka janye, ana kiran lambobinsu. Daga baya aka janye duk abin da ya fito daga masana'antar, kuma lamarin ya shafi ƙasashe 83, har da na Afirka. A watan Fabrairu 2022 kamfanin Abbott a Amurka ya janye madarar da aka yi a masana'antarsa ta Sturgis. Sanarwar ta ce iyaye su juya gwangwani su dubi gindi. Idan lambobi biyu na farko suna tsakanin 22 da 37, kuma akwai `K8`, `SH` ko `Z2` cikin lambar, kuma ranar ƙarewa ta kama daga 1 ga Afrilu 2022 zuwa gaba, to kada a ba jariri. Wanda ya juye madararsa cikin wani mazubi ya jefar da gwangwanin, ba shi da hanyar sanin ko tasa tana ciki.

Kun ga ke nan harafi ɗaya yana iya raba madarar da aka janye da wadda ba a janye ba. Hoton gindi kuwa shi ne ya fi wuyar ɗauka, domin ƙarfe yana mayar da haske, rubutun kuma ƙanana ne. Cikin hoto mai hazo sifiri yana kama da harafin O, 1 yana kama da I, 5 yana kama da S, 8 kuma yana kama da B. Ku ce wa mai ɗaukar hoton ya goge idon salularsa da gefen riga, ya kashe fitilarta, ya tsaya inda akwai haske amma ba cikin rana tsaka ba, ya ɗan karkata gwangwanin har ƙyallin ya kauce daga kan rubutu. Idan ta WhatsApp zai turo, ya taɓa alamar `HD` kafin ya aika, don kada hoton ya ragu. Idan duk da haka wani harafi bai fito ba, kada ku yi cinta. Ku kira shi ya karanto muku ɗaya bayan ɗaya, kuna rubutawa, sannan ku maimaita masa.

Wajen karanta rana, a gwangwani mai Faransanci ana fara da rana, sai wata, sai shekara. Don haka 05/07/2027 shi ne 5 ga Yuli 2027. Kayan Amurka da wata suke farawa. A sanarwar Abbott ɗin nan an rubuta 4-1-2022, ana nufin 1 ga Afrilu, alhali mai karatun Faransanci zai ce 4 ga Janairu. Idan ba ku tabbatar da ƙasar da madarar ta fito ba, kuma lambobin biyu duk ba su wuce 12 ba, ku ɗauki ranar da ta fi kusa, ita ce ta fi aminci. Idan wata da shekara kawai aka rubuta, kamar 07/2027, madarar tana aiki har ƙarshen wannan wata.

Ku dubi kuma yanayin rubutun kansa. Tsakanin ranar yi da ranar ƙarewa yawanci wajen shekara 2 ne, wani lokaci ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Idan kun ga shekara 5, akwai abin tambaya. Haka idan an manna ƴar takarda a kan ranar, ko wurin ya nuna alamar kankara, ko lambar shekara ta fi sauran baƙi da kauri. Waɗannan alamu ne na gwangwanin da ya ƙare aka sake masa rana. Gindin da babu rubutu ko kaɗan, a bar shi a kanti.

Hoton sama: marfi da abin da ke ƙarƙashinsa

Gwangwanin madara yana da rufi biyu. Na waje marfin roba ne. A wasu gwangwanaye akwai ɗan zobe ko ɗan harshen roba da ke riƙe shi, wanda sai ya karye marfin ke buɗewa. Na ciki shi ne fallen farin ƙarfe marar kauri da aka liƙe a bakin gwangwani, mai ɗan kunne da ake ja. Wannan falle shi ne ainihin hatimi, shi ke hana iska da raɓa da ƙwari shiga. Marfin roba yana iya zama daram alhali fallen ciki ya huje.

Idan marfin irin wanda ke ɗaguwa ne ba tare da an karya komi ba, mai sayen ya nemi izinin mai kanti ya ɗaga shi ya ɗauki hoton fallen. Falle mai lafiya yana liƙe ko'ina a zagayen baki, babu huji, babu yagewa, kunnensa yana kwance. Idan kun ga gefe ɗaya ya ɗago, ko alamar gam, ko gari fari ya taru a bakin, an taɓa shi ko ya fashe. Idan marfin mai zobe ne, ba za a iya ganin fallen ba sai bayan an biya. A nan zoben za ku duba, ku ga bai tsinke ba.

Ku nemi a ɗauki hoton daga ɗan gefe, yadda bakin gwangwani zai fito. Ƴar lotsawa marar zurfi a tsakiyar jiki takan faru wajen ɗauko kaya. Amma lotsawar da ta taɓa baki, ko gindi, ko layin da aka haɗa ƙarfen, tana iya buɗe ƙafar da ido ba ya gani. Tsatsa a gindi tana nuna cewa gwangwanin ya zauna cikin danshi, abin da ke yawan faruwa da damina a ɗakunan ajiya. Gwangwanin da ya kumbura, ba a ma tsayawa shawara a kansa.

Mu gwada da misali

A ce jaririya ce mai wata 4, uwarta ta rasu, gwaggonta ke riƙon ta a wani ƙauye na yankin Dakoro. A gidan likita an rubuta mata madarar mataki na 1. Yayan gwaggon yana Maraɗi, zai sayo gwangwani 6 masu giram 400. A ce yau 20 ga Maris 2026.

Ya turo hoton farko. Sunan madarar daidai ne, amma da gwaggo ta buɗe hoton sai ta ga 2 da `6-12 mois`. Ta aika masa murya: “Yaya, wannan ta manya ce. A duba mai lamba ɗaya, wadda aka rubuta sifiri zuwa shidda.” Ya sake turowa, wannan karon 1 ne da `0-6 mois`, babu alamar ƙari. Mataki ya tabbata.

Sai hoton gindi. Ya kifa gwangwanayen shidda ya ɗauke su gaba ɗaya, rubutun bai karantu ba. Ta ce ya ɗauki kowane shi kaɗai. Huɗu suna da lambar rukuni ɗaya, ranar ƙarewarsu 05/07/2027. Biyu suna da wata lamba dabam, ranarsu 03/04/2026. Bambancin lamba ba aibi ba ne, yana nuna kawai cewa tsohon kaya ne da sabo suka haɗu a kan kanta. Abin dubawa shi ne ranar. Gwangwanin mai Faransanci ne, don haka 3 ga Afrilu ake nufi, saura kwana 14. Jaririya mai wata 4 tana gama gwangwanin giram 400 cikin kwana 3 zuwa 4. Idan kayan sun iso cikin kwana biyu aka fara da waɗannan biyun, za su ƙare kafin ranar. Amma idan direba ya yi jinkiri, ko akwai sauran madara a gida, ko aka manta aka bar su a ƙarshe, ranar za ta wuce. Tun da mai sayen yana tsaye cikin farmasi, abin da ya fi sauƙi shi ne a musanya su da masu ranar 2027.

A hoton sama, gwangwani biyar lafiya lau. Ɗaya ya lotsa daidai baki, marfin roba bai zauna sosai ba. Shi ma aka musanya. Sannan gwaggo ta rubuta lambar rukuni da ranar ƙarewa cikin littafin da take ajiye takardar awon jaririyar, ta bar hotunan cikin salula.

Abin da hoto ba ya nunawa

Hoto yana nuna gwangwanin da aka ɗauka ne, ba lalle wanda aka saka cikin kwali ba. Idan kaya suka iso, ku juya kowane gwangwani ku gwada lambar gindinsa da wadda kuka rubuta. Idan ta saɓa, ku tambaya kafin ku buɗe. Ku sake duban baki da marfi, domin hanya ma tana lotsa gwangwani.

Hoto ba ya gaya muku ko madarar ta yi watanni cikin zafin rumfar kwano, kuma ba ya raba jabu da ta ainihi idan masu jabun sun ƙware. Don haka wurin saye yana da nauyi: farmasi ya fi teburin bakin hanya. Idan kuka buɗe falle kuka tarar garin ya dunƙule ya yi tauri, ko launinsa ya sake, ko yana warin tsohon mai, kada ku dama. Ku rufe, ku kai gwangwanin gidan likita tare da lambarsa.

Ko da hatimi yana lafiya, garin madara yana iya ɗauke da ƴan ƙwayoyin cuta tun daga masana'anta. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tafasa ruwa, a dama da shi tun yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, wato kada a bar shi ya huce fiye da rabin awa, sannan a sanyaya madarar kafin a ba jariri. Ranar `EXP` kuma ta gwangwanin da ba a buɗe ba ce. Da zarar an cire falle, yawancin madara sati 3 zuwa 4 ne wa'adinta, kuma an rubuta adadin a jikin gwangwani. Ku rubuta ranar buɗewa a kan marfi, ku bar garin cikin gwangwaninsa har ya ƙare, don lambar rukuni ta kasance tare da shi.